Hwa da fa a Gusau: yadda bakin mata biyu ya kusa zama bakin matan gari duka

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin walwalar harshe ta kawo mini babi na huɗu na kundinta, ta ce in duba mata kafin ta miƙa. 'Yar Gusau ce, a nan aka haife ta, a nan kuma ta yi hirarrakinta. Jimlar da ta fi alfahari da ita tana shafin farko: matan Gusau sun riga maza barin furucin gargajiya, kuma lissafi ya tabbatar da haka ba tare da shakka ba. Kundin bai fito ba tukuna, saboda haka ban kawo ainihin adadinta a nan ba. Lambobin da za a gani na misali ne, na daidaita su domin lissafin ya fito sarari, kada a ɗauke su a matsayin sakamakon bincike a kan Gusau. Abin da ya faru da lissafin nata shi nake son bayyanawa, domin na sha ganinsa a ayyukan ɗalibai.

Abin da ta bibiya sanannen abu ne ga duk wanda ya zauna a ƙasar Sakkwato, Kabi ko Zamfara. Inda daidaitacciyar Hausa take da fa, karin harshen yamma yana da hwa: hwaɗa a madadin faɗa, hwara a madadin fara, ƙahwa a madadin ƙafa. Sunan jihar ma za ka ji dattijo ya ce Zanhwara. Amma Gusau gari ne da ke kan hanya. Titin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya ratsa ta cikinsa kafin ya wuce Talatar Mafara da Sakkwato, layin dogo na Ƙauran Namoda ma ta nan ya bi, sannan tun 1996 garin ya zama hedikwatar jiha, ma'aikata suka taru daga ko'ina. Ga rediyo, ga makarantar boko, ga finafinan Kano. Shi ya sa mutum ɗaya, a zama ɗaya, zai ce hwaɗa yanzu, bayan minti biyu ya ce faɗa, ma'ana kuwa ba ta sauya ba. Irin wannan gurbi mai fuska biyu shi ne abincin wannan fanni tun aikin William Labov a tsibirin Martha's Vineyard a 1963 da na birnin New York a 1966. Tambayar kullum ita ce: wa ke zaɓar wace fuska, a wace kalma, sau nawa?

Yadda ta tattara bayanai

Ta yi hira da mutum 24, mata 12 da maza 12, dukkansu haifaffun cikin gari. Wannan sharaɗin ya ba ta wahala, domin rashin tsaro ya sa mutanen ƙauyuka da dama sun dawo Gusau da zama, kuma bakin wanda ya shigo daga karkara shekara uku da suka wuce ba bakin ɗan gari ba ne. Ta raba su rukuni uku na shekaru: 18 zuwa 30, 31 zuwa 50, sai 51 zuwa sama, kowane rukuni mutum takwas, mata huɗu maza huɗu. Tsari ne mai kyau a takarda.

Akwai dabarar da Labov ya shahara da ita ta sa mutum ya manta ana ɗaukar muryarsa: a tambaye shi ko ya taɓa shiga halin da ya zaci mutuwa zai yi. Ta cire wannan tambayar gaba ɗaya, kuma na yaba mata. A Zamfara ta yau ba tambaya ce da za ka jefa wa mutum don kawai ka ji yadda yake furta baƙi ba. Sai ta koma ga wasannin yarinta, al'adun aure, tashe, da yadda ake samun ruwa a da. Na saurari wata tsohuwa a cikin muryoyin da ta ɗauko. Mintunan farko tana amsawa a taƙaice, kamar mai magana da jami'in ƙidaya. Da aka zo zancen ruwa sai murya ta sake: "Ke ɗiyata, lokacin da munka taso hwa, sai mun tahi gulbi tun da asuba, tulu bisa kai, ƙahwa ba takalmi." Ɗalibar ta ce, "Inna, ba ku jin sanyi?" Tsohuwa ta yi dariya ta ci gaba, ba ta sake tuna na'urar ba.

Ta rubuta hirarrakin a manhajar ELAN, sannan ta fitar da kowane wurin da fa ko hwa za su iya fitowa. A nan ta bi ƙa'idar da fannin ya tsayu a kanta: ba wuraren da aka ce hwa kaɗai ake ƙirgawa ba, har da duk wuraren da za a iya cewa hwa amma aka ce fa. Idan ba a yi haka ba, babu abin da za a raba a sami kaso. Ta kuma shata iyaka. Kalmomi irin su hanya da hawa ba sa ciki, tunda ba su da wata fuska. Ta ware tafi da fita da fito, inda yamma ke cewa tahi, hita, hito, domin wannan h ce zalla ba hw ba, kuma gurbi ne dabam mai neman lissafinsa dabam. Ta cire sunayen mutane, da karatun addu'a da Larabci, da wuraren da mai magana yake kwaikwayon bakin wani. Wanda hayaniya ta rufe shi ma ta bar shi.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: f ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, ba da haƙori da leɓe ba, saboda haka a magana mai sauri tazararta da hw ba ta da yawa. Ta ba wani abokin karatunta furuci 200 ya saurara shi kaɗai ba tare da ya ga hukuncinta ba, suka dace a 184. Sauran 16 suka zauna suka sake ji tare. A ƙarshe ta sami furuci 1,920 daga kalmomi 85 mabambanta, 999 daga ciki hwa ne.

Har nan ban ga abin gyara ba.

Lissafin farko

Maza sun ba da furuci 900, 540 daga ciki hwa, wato kashi 60 cikin ɗari. Mata sun ba da 1,020, 459 hwa, kashi 45. Tazarar maki 15 ke nan. Ta fara da GoldVarb, manhajar da ta samo asali daga tsarin da Henrietta Cedergren da David Sankoff suka gabatar a 1974, sannan ta maimaita a manhajar lissafi ta R da lissafi iri ɗaya:

```r
m0 <- glm(hwa ~ jinsi, data = gusau, family = binomial)
```

Irin wannan lissafi ba da kaso yake aiki kai tsaye ba, da lojit yake aiki. Ana raba yawan hwa da yawan fa, sannan a ɗauki logaridim na `ln` na abin da aka samu. Na maza 540 a kan 360 ne, lojit ɗinsa 0.41. Na mata 459 a kan 561, lojit ɗinsa −0.20. Bambanci ya zama −0.61. Kusa da wannan adadi akwai shafin `Std. Error`, wanda ke nuna girman shakkar da ke tattare da ƙiyasin, kuma ya nuna 0.09. Idan ka raba 0.61 da 0.09 za ka sami fiye da shida, alhali abin da aka saba nema kusan biyu ne. Dole ta yi murna. Ga shi kuma sakamakon ya dace da abin da ta karanta, cewa a wurare da dama mata ne ke kan gaba wajen karɓar furucin da ake ganin ya fi daraja.

Na tambaye ta abu ɗaya: wannan 0.09 ɗin, daga mutum nawa ya fito?

Ta ce, "Malam, daga furuci 1,920."

Na ce to a nan matsalar take. Lissafin `glm` ɗauka yake kowane layi a jadawalinta shaida ce mai zaman kanta, kamar ta tsaya a bakin kasuwa ta tare mutum 1,920 kowa ya furta kalma ɗaya ya wuce. Ita kuwa mutum 24 ta zauna da su. Idan Inna ta ce hwa sau saba'in, ba shaidu saba'in ba ne a kan matan Gusau, shaida ɗaya ce da aka ji ta sau saba'in. Maimaicin yana da amfani, yana sa mu san bakin Inna da kyau. Amma tambayar jinsi tambaya ce a kan mutane, kuma mata 12 ne kawai a hannunmu.

Kafin mu taɓa wani sabon lissafi, na sa ta fitar da jadawali mai sauƙi: kowane mutum, yawan furucinsa, da kason hwa ɗinsa. Wannan matakin minti biyar yake ci, kuma shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Nan take abu ya fito. Mata biyu, dukkansu a rukunin tsakiya, sun ba da furuci 160 da 140, alhali matsakaicin kowa 80 ne. Ɗaya malamar firamare ce da ta shekara tana koyar da Hausa, ɗaya kuma ta yi zaman aure na shekaru a Kaduna kafin ta dawo gida. Dukkansu masu son hira ne, kuma sun saki jiki da ita domin sun ɗauke ta ƙanwa. A cikin furucinsu 300, sau 30 kawai suka ce hwa. Da muka ajiye su gefe na ɗan lokaci, sauran mata goma suna da furuci 720, 429 hwa. Kashi 60 ke nan idan an cike, daidai da na maza.

Ta yi shiru tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malam, in cire su ke nan?"

A'a. 'Yan Gusau ne, sun cika sharaɗin da ta gindaya da kanta, kuma akwai irinsu da yawa a gari. Cire mutum don ya ɓata maka sakamako, ko don ya gyara shi, ba bincike ba ne. Abin da ake bukata shi ne lissafin da ya san cewa su biyu ne cikin goma sha biyu, ko da sun kwashe kusan kashi 30 na maganar matan.

Lissafi mai gaurayen tasiri

Wannan shi ne aikin lissafin da ke haɗa tasiri iri biyu. Akwai tsayayyun dalilai da mai bincike yake son gwadawa, irin su jinsi, shekaru da matsayin baƙin a cikin kalma. Akwai kuma bambancin ɗaiɗaiku, wato cewa kowane mutum yana da nasa hali, kowace kalma ma haka, kuma waɗannan mutane da kalmomi samfuri ne kawai daga cikin masu yawa da ba a ji ba. Daniel Ezra Johnson ya jawo hankalin masu wannan fanni ga wannan matsala a 2009 lokacin da ya fito da manhajar Rbrul, yana nuna cewa GoldVarb na iya ayyana dalilan zamantakewa a matsayin masu tasiri alhali bambancin mutane ne kawai. Mu da ƙunshin `lme4` na cikin R muka yi aiki:

```r
library(lme4)
m1 <- glmer(hwa ~ jinsi + shekaru + matsayi +
              (1 | mutum) + (1 | kalma),
            data = gusau, family = binomial)
```

Ɓangaren `(1 | mutum)` yana gaya wa lissafin cewa kowane mai magana yana da nasa mafari, wani yana sama da matsakaici wani yana ƙasa. Lissafin sai ya auna yadda mutanen suka warwatsu, sannan ya tambaya: tazarar da ke tsakanin mata da maza ta fi wadda za a iya samu idan aka ɗebo kowane mutum 12 aka kwatanta da wasu 12?

Ƙiyasin jinsi ya sauko daga −0.61 zuwa −0.42, domin yanzu matan nan biyu ba su da nauyin da yawan maganarsu ya ba su. Amma babban sauyi a shakka yake: daga 0.09 ta hau 0.43. Ƙiyasin bai ma kai girman shakkarsa ba, darajar `p` ta tsaya wajen 0.33. Ta zaci manhajar ce ta lalata mata aiki, sai na nuna mata cewa ana iya hango wannan adadi da biro. A saman sakamakon, ƙarƙashin `Random effects`, warwatsuwar mutane ta nuna kusan 1.0 a ma'aunin lojit. A irin wannan lissafi ana kwatanta murabba'in wannan adadi da 3.29, sai a ga kusan kashi 23 na bambancin na mutum ne: 1 a kan 4.29. Kowa kuma ya yi furuci kusan 80. Idan ka ninka 79 da 0.23 ka ƙara ɗaya, za ka sami kusan 19. Ma'anarsa, game da tambayar da ta shafi mutane, furucinta 1,920 ƙarfinsu bai wuce na shaidu ɗari masu zaman kansu ba. Saiwar 19 ta ɗan haura huɗu, kuma kusan ninkin da shakkar ta yi ke nan. Lissafin kai ne, ba ya maye gurbin na manhaja, amma ya isa ya nuna cewa 0.43 ba daga sama ta faɗo ba.

A nan na tsaya na ja mata kunne a kan kishiyar kuskuren farko, domin na ga ta fara rubuta cewa babu bambanci tsakanin mata da maza. Wannan ma bayananta ba su faɗa ba. Idan ka ɗauki −0.42 ka ƙara ka kuma rage ninki biyu na shakkar, za ka sami fili daga kusan −1.3 zuwa 0.4. A cikin wannan fili akwai yiwuwar mata sun yi wa maza nisa sosai, akwai yiwuwar babu komai, akwai ma yiwuwar maza ne suka ɗan fi barin hwa. Abin da za ta iya rubutawa da gaskiya shi ne: mutum 24 ba su isa a yanke hukunci a kan jinsi ba.

Akwai wani dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai da ya dame ta tun farko. Mai ƙarancin magana ne, furuci 31 kawai ya bayar, duka hwa. A GoldVarb, da za a sa kowane mutum a matsayin rukuni, irin wannan ɗari bisa ɗari yakan tsayar da lissafi, sai an cire shi ko an haɗa shi da wani. A nan bai tsayar da komai ba. Lissafin yana ɗan jawo ƙiyasin kowane mutum zuwa tsakiyar rukuninsa, kuma jan ya fi ƙarfi ga wanda furucinsa ya yi kaɗan. Ya ɗauki dattijon a matsayin mai yawan hwa ƙwarai, amma bai rantse cewa ba zai taɓa cewa fa ba, tunda sau 31 kawai aka ji shi. Umarnin `ranef(m1)` yana fitar da wannan ga kowa, kuma na sa ta karanta jerin tana tuna fuskokin mutanen. Malamar firamare da matar Kaduna suna can ƙasa su kaɗai, kamar yadda kunnenta ya riga ya gaya mata.

Kalma ɗaya mai kwata

Abin da ya faru da mutane ya sake faruwa da kalmomi, kuma wannan ba ta zata ba. A babin nata ta rubuta cewa hwa ta fi fitowa a farkon kalma fiye da tsakiya: kashi 55 a kan 46. Har ta yi bayanin furuci mai tsawo a kan dalilin haka. Da muka duba jerin kalmomin, sai ga ƙaramar kalmar nan ta jaddadawa, fa, wadda ake ji a "to fa" da "ni fa", ta fito sau 480. Kwata guda na bayanan duka, kuma dukkanta a lissafin farkon kalma. Kashi 70 na wannan kalma hwa aka ce. Sauran kalmomin da fa ke farkonsu, furuci 840, hwa ta fito a 386, kashi 46. Na tsakiya, furuci 600, 277, shi ma kashi 46. Da `(1 | kalma)` ya shiga, tasirin matsayi ya narke, domin lissafin ya gane hali ne na kalma ɗaya, ba na matsayi ba.

Ni a ganina wannan ya fi abin da ta rasa ban sha'awa. Kalmar da ba ta ɗauke da ma'ana mai nauyi, wadda ke fita ba tare da an lura da ita ba, ita ce ta fi riƙe tsohon furuci, har a bakin samarin da ke cewa fara da faɗa. Na ba ta shawarar ta ware wannan kalma ta yi mata sashe nata, ta kuma gudanar da lissafin sau biyu, da ita da babu ita, ta nuna wa mai karatu duka biyun.

Ta yi ƙoƙarin ƙara wa lissafin wani reshe, ta bar kowane mutum ya sami nasa tasirin matsayi da `(1 + matsayi | mutum)`. A ƙa'ida daidai ne, tunda kowa yana da furuci na farko da na tsakiya. Amma R ya amsa da saƙon `boundary (singular) fit`, kuma warwatsuwar sabon reshen ta nuna sifili. Wannan alama ce cewa an tambayi bayanan abin da ba su da ƙarfin amsawa, sai muka koma ga mai sauƙin, ta rubuta dalili a kundin. Saƙon `Model failed to converge` kuwa wani abu ne dabam. Ya fito mata sau ɗaya, ta sauya injin nema da `glmerControl(optimizer = "bobyqa")`, saƙon ya tafi, adadin bai motsa ba. Da adadin ya sauya sosai, da ba za mu amince da ko ɗaya ba.

Abin da ya tsira

Shekaru sun tsira. Dattawa sun ce hwa a 450 cikin 600, kashi 75. Matasa a 216 cikin 600, kashi 36. A sabon lissafin tazarar da ke tsakaninsu ta kai 1.8 a lojit, shakkarta 0.52, wato ninki uku da rabi. Da ta koma jadawalin mutum-mutum, bakwai daga cikin matasa takwas suna ƙasa da kowane dattijo. Wannan ba aikin mutum ɗaya ko biyu ba ne.

Rukunin tsakiya ne ya sake ba mu darasi. A jimlace kashi 46 suke da shi, 333 cikin 720, wanda ya sa zanenta ya fito kamar matakala, kowane rukuni na ƙasa da na gabansa. Amma matan nan biyu a nan suke. Sauran shida suna da 303 cikin 420, kashi 72, dab da dattawa. Ashe ba gangara ba ce a hankali, ya fi kama da gaɓa tsakanin 'yan ƙasa da talatin da sauran jama'a, sai wasu mutum biyu da tarihin rayuwarsu ya kai su wani wuri. Mutum shida ba su isa a kafa hujja ba, amma sun isa a hana ta zana layi miƙaƙƙe ta kira shi tarihin sauyi.

Ko shekarun ma akwai iyaka biyu da na nace ta rubuta. Ta farko, hira ta lokaci ɗaya ba ta rarrabe sauyin harshe da halin ƙuruciya. Yana yiwuwa hwa tana ja da baya ne a Gusau, yana kuma yiwuwa matashi yana sassauta ta lokacin makaranta da neman aiki, idan ya girma ya zauna cikin dangi ya koma mata. Sai an sami tsofaffin muryoyi, ko an dawo wa mutanen nan bayan shekaru, za a san wanne ne. Ta biyu ta fi damuna. A cikin dattawanta takwas, ɗaya ne kawai ya gama sakandare. A cikin matasa takwas, bakwai sun gama. Saboda haka duk abin da ta kira tasirin shekaru, wani zai iya kiransa tasirin boko, kuma jadawalin ba zai ƙaryata shi ba. Ta gwada sa duka biyun a lissafi ɗaya. Shakkar kowannensu ta kumbura, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Wannan kumburin shi ne alamar da ake gane cewa dalilai biyu sun manne wa juna. Babu reshen da za a ƙara wa `glmer` ya raba su, domin mutanen da za su raba su ba a yi hira da su ba.

Haka kuma ita kanta tana cikin bayanan. Ɗalibar jami'a ce, kuma da na saurari tambayoyinta na ji fa ta fi yawa a bakinta, sai idan hira ta yi daɗi take komawa bakin gida. Mutum yakan karkata ga bakin wanda yake magana da shi. Tunda ita ta yi duk hirarrakin, ba za a iya auna wannan ba, sai dai ta faɗa a fili.

Ta sake rubuta babin cikin mako uku. Jimlar matan Gusau ta fita. A madadinta akwai jadawalin mutum 24 kowa da adadinsa, da sakamakon lissafin tare da filin shakkarsa, da shafi biyu a kan malamar firamare da matar da ta zauna Kaduna, inda ta kawo maganarsu game da yadda ɗalibai da maƙwabta suka riƙa yi musu gyaran baki. Ta tambaye ni ko ta koma wa mutanenta ta ƙara tsawon hirarrakin domin furucin ya kai dubu uku. Na ce ƙarin awa da Inna ba zai rage shakkar jinsi ko ta shekaru da wani abin kirki ba, tunda a lissafin da muka yi da biro yawan mutane ne ke riƙe da ita. Furuci arba'in ko hamsin daga sabon mutum ya fi ɗari daga wanda aka riga aka ji. Sai muka zauna muka rubuta irin waɗanda za ta nema: dattawa huɗu da suka yi boko, tsofaffin malamai ko ma'aikatan da suka yi ritaya, da matasa huɗu haifaffun gari da ba su wuce makarantar allo ba, irin masu sana'a a tasha da kasuwa. Rabin hirarrakin kuma ƙanenta ne zai yi, wanda bakinsa bai bar gida ba, ta sa sunan mai tambaya a matsayin sabon shafi a jadawalin.